Wadda Ba Ta da Kwaɗo

Injiniya suke kiranta a asibitin, ko da yake ta sha gaya musu difloma ce kawai gare ta. Ofishinta wani ɗan ɗaki ne a ƙarƙashin matakalar bene, mai fanka ɗaya da tulin wayoyin da ba wanda ya san farkonsu sai ita. In firinta ta ƙi aiki, ita ce. In kwamfutar ɗakin magani ta daskare, ita ce. Har rimot ɗin talabijin an taɓa kawo mata. Shekararta shida a wurin, kuma a tsawon shekarun nan ba ta shiga ɗakin wankin ƙoda ya fi sau biyar ba, saboda ba ta son ganin jini yana yawo a cikin roba.

Ranar wata Laraba da hantsi, Metiron mai kula da ɗakin ta sauko da kanta, tana haki, ta miƙa mata waya.

"Duba min wannan. 'Yar wata majinyaciyarmu ce ta turo, Gwaggo ta kujera takwas. Yarinyar a wani gari take aiki. Wai uwar ce ta tura mata hoton tana yabonmu, mun gyara waifai, ita kuma ta ce bai yi mata ba. Ni dai ban ga komai ba."

Hoton fuskar waya ne, shafin da ake zaɓen waifai. Injiniya ta buɗa shi da yatsu biyu. Sunan waifai ɗin da asibiti ya ware wa marasa lafiya Majinyata, ita ta raɗa masa da hannunta. A hoton kuwa sunan ya fito sau biyu, harafi da harafi iri ɗaya, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa.

"Kin ga ta ƙasan nan?" in ji ta. "Ga ɗan kwaɗo a gefenta, ga WPA2 an rubuta a ƙarƙashi. Wannan ce tamu. Sai da kalmar sirri ake shiga, kuma abin da ke tafiya tsakanin waya da na'urarmu a kulle yake. Dubi ƙarfinta, layi ɗaya tak. Haka ya kamata, don na'urarmu tana can baranda, bayan ɗakin tace ruwa, bango biyu tsakaninta da kujera takwas."

"To ta saman fa?"

"Ta saman ba kwaɗo. A buɗe take, kowa ya taɓa ya shiga. Layukanta kuma sun cika taf. A cikinta wayar Gwaggo take, ga shi an rubuta."

"Ai shi ya sa take murna. Ba ƙarfin ake nema ba?"

"Ƙarfin nan ba ya nufin abin kirki ne, Anti. Kusa kawai yake nunawa. Duk abin da ke watsa sunan nan yana cikin ɗakinku, ko jikin tagarsa. Kuma ba namu ba ne. Da a ce na'ura biyu muka sa, da kwaɗonsu iri ɗaya ne, da wayar ta haɗe su ta nuna suna ɗaya. Ta raba su ne don ta ga ɗaya a kulle, ɗaya a buɗe."

Metiron ta zauna a kan kwalin takardu. "Wato wani ne ya ari sunanmu."

"Haka ɓarayin bayanai ke yi. Su sa suna irin na wuri, su bar ƙofa a buɗe, mutane su shigo. Mai na'urar yana iya ganin inda kowa ke leƙawa. Hirar waya da ta banki yawanci suna da nasu makullin, amma zai iya turo maka shafin ƙarya ya ce sa lambarka ta sirri. Tsofaffin nan kuwa, kin san su, duk abin da waya ta ce su rubuta, rubutawa za su yi."

Daga nan ne ta yi abin da ta daɗe tana juyawa a ranta daga baya. Ɗakin wankin ƙoda hawa ɗaya ne kawai a samanta, da ta hau a lokacin da ta iske kowa a kujerarsa. Amma sai ta tuna jinin nan a cikin roba, ta kuma tuna dokar asibiti ta ce a sanar da Darakta nan take in an ga irin wannan. Ta jawo kwamfuta ta rubuta rahoto. Ta liƙa hoton, ta zagaye kwaɗon da jan layi, ta rubuta cewa ana kai wa majinyata hari don satar bayanansu. Ba ta sa "wataƙila" ko sau ɗaya ba. Kafin ta gama amsa kiran ɗakin magani ta hau benen, rukunin safe sun tashi, kuma a wayarta Majinyata ɗaya ce kawai, mai kwaɗo.

Ranar Alhamis ma ba ta ga komai ba. Sai ta duba kan hoton: ƙarfe goma da minti ashirin, Laraba. Ta tambayi nas-nas, wata ta ce ai kwana uku a mako waifai ke "tashi", Litinin, Laraba, Juma'a, da safe kawai. Masu zuwa sauran ranakun har gunaguni suke wai ana nuna musu bambanci.

Darakta bai daɗe da kama aiki ba, kuma yana tsoron abin da zai kai sunan asibitin bakin duniya. Ya karanta rahoton ya ce ranar Juma'a shi da kansa zai hau, da shugaban masu tsaro.

Ɗakin dogo ne, kujeru goma a jere, kowace da injinta yana ƙyafta fitila yana ƙara a hankali. Mutanen ciki sun shekara da shekaru suna haɗuwa sau uku a mako, awa huɗu huɗu, har sun zama kamar 'yan gida ɗaya. Sun san wanda ke satar shan ruwa fiye da ƙa'ida, sun san wanda matarsa ta gaji. Da Injiniya ta shigo, Gwaggo ta kujera takwas tana riƙe da waya a hannun da ba allura, tana kallon jikanta yana rarrafe a wani gari, tana ce masa "zo nan, mai gidana, zo."

Injiniya ta tsaya a bakin ƙofa ta buɗe wayarta. Ga su nan su biyu. A nan mai kwaɗo layi uku, marar kwaɗo layi biyu. Ta fara takawa a hankali, Darakta da mai tsaro suna bayanta. A kujera huɗu suka yi daidai. A kujera shida mai kwaɗo ta fara faɗuwa, ɗayar ta cika. Da layukan suka cika sai suka daina gaya mata komai, don haka ta buɗe wata manhaja mai nuna ƙarfin da lamba, ta ci gaba. Ta wuce takwas lambar na gyaruwa, ta kai goma ta ga ta ja baya. Ta dawo tara. Ta sunkuya. A gefen kujerar akwai wata tsohuwar jakar fata, irin ta masu gyara, an rataye ta a hannun kujera.

Mai kujerar dattijo ne siriri, ya rufe ƙafafunsa da bargo, da tabarau ɗaure da zare. Kowa Baba Mai Tarho yake ce masa, don ya yi shekara talatin yana hawa turakun wayar tarho kafin wayar hannu ta zo ta aika su gida. Ya dube ta ta saman tabarau ya yi murmushi.

"'Yata, kin iya bin layi. Da a zamaninmu ne da na ɗauke ki aiki."

Ba ta samu ta amsa ba. Mai tsaro ya riga ya cire jakar ya zazzage ta a kan teburin nas. Ƙwayoyin magani suka watse, da ƙaramin tawul, da wandon canji, da wata tsohuwar filaya, sai wata 'yar na'ura baƙa da ba ta kai tafin hannu ba, fitilarta kore tana ci.

"Wannan ta waye?" in ji Darakta, da muryar da har kujera ɗaya an ji.

"Tawa ce, ranka ya daɗe."

"Kai ne ke satar bayanan marasa lafiya?"

Gwaggo ta kife wayarta a ƙirji. Baba Mai Tarho ya yi yunƙurin gyara zama, nas ta danne masa kafaɗa saboda allurai biyu na hannunsa. Haka ya amsa, a kishingiɗe, wandonsa na canji a shimfiɗe a gaban mata.

"Ban saci komai ba. Nan ƙarshen ɗaki waifai ba ya kawowa. Na ga baiwar Allah nan tana ɗaga waya sama kamar mai shanya, ba ta samun 'yarta. Ɗana ya saya min wannan don in riƙa jin labarai. Ni kuwa labarai nawa zan ji? Sai na ce bari mu sha tare."

"To me ya sa ka sa sunan asibiti?"

"Da farko sunana na sa. Na gaya musu kalmar sirri. Ba wanda ya shiga. Wannan ya ce kada ya cinye min data, wancan ya ce sai dai ya biya. Kunya ta hana su. Sai na ce in suka ga na asibiti ne, ba mai jin nauyi. Kwaɗon kuma na cire ne don yawancinmu hannu ɗaya gare mu a nan, ga ido ya tafi."

Darakta ya dubi Injiniya. "Zai iya zama gaskiya?"

Ta ji duk idanun ɗakin a kanta. Abin da ta sani ta faɗa. "Sai na duba na'urar, ranka ya daɗe. Daga waje ba a ganewa."

Gaskiya ce, amma ta ga yadda fuskar dattijon ta sauya da ta faɗe ta. Mai tsaro ya danna na'urar ta mutu. Ba wanda ya tattara magungunan sai Metiron, ta durƙusa tana tsince su ɗaya bayan ɗaya.

A ɗan ofishinta Injiniya ta kunna na'urar ta shiga shafin saitinta da kalmar da ke rubuce a ƙarƙashin batir, ko canza ta bai yi ba. Irin wadda ake sayarwa a kowane shagon waya ce. Ba shafin ƙarya, ba wani abu da aka ƙara mata, ba a karkatar da hanyar kowa zuwa wani wuri ba. Suna kawai aka sauya, aka kashe kwaɗo. Ta duba sau biyu, ta kira wani abokin karatunta da ya fi ta sanin harkar ya sake bi da ita ta waya. Kafin la'asar ta rubuta rahoto na biyu, ta kai da hannunta.

Darakta ya karanta a tsaye. Ya ce ya ji, amma dai an karya doka, kuma maganar ta riga ta kai ga iyalan majinyata, wasu sun fara kira. Za a mayar da Baba rukunin Talata, a ɗakin gefe mai kujera ɗaya, har ƙura ta lafa.

"Ranka ya daɗe, ni na rubuta hari. Ban hau na duba ba."

"Aikinki kika yi," in ji shi, ya ajiye takardar a ƙarƙashin wasu.

Ranar Litinin ta liƙa sanarwa a ɗakin, da hoton nan babba, ta nuna kwaɗon da kibiya: in kun ga suna biyu, ku shiga mai kwaɗo kawai, ku kuma gaya wa nas. Tana liƙawa Gwaggo ta kira ta da hannu.

"Ke ce 'yar da ta kama shi?"

"Ni ce, Gwaggo."

"Ni na tura hoton." Ta goge ido da gefen mayafi. "Yabo na yi niyya. 'Yata kuma ta ce ita tsoro ta ji. Kowa da gaskiyarsa, ga bawan Allah an zazzage masa jaka. Wata bakwai ina ganin jikana da na'urarsa, ina ta sa wa asibiti albarka."

Baba Mai Tarho bai zo ranar Talata ba. Bai zo Alhamis ba. Metiron ta kira ɗansa, ya ce ya yi ya yi, Baba ya ƙi, wai ba zai koma inda aka kira shi ɓarawo a gaban mutane ba. Metiron ta sauko ofishin ƙarƙashin bene ta tsaya a ƙofa.

"Kin san me ake nufi da mai ciwon ƙoda ya kwana shida ba wanki?"

Injiniya ba ta sani sosai ba, amma ta gani a fuskarta. Ta karɓi na'urar daga ofishin tsaro, inda aka ajiye ta bayan bincike, ta sa hannu a takarda, ta nemi adireshi.

Gidan a hawa na biyu yake, a bayan wani garejin gyaran mota. Ɗan ne ya buɗe, mutum mai kimanin shekara arba'in da rigar aikin tuƙi, ya dube ta sama da ƙasa, ya matsa. Baba yana zaune a falo an tokare shi da matasai uku, ƙafafunsa sun kumbura har silifas ba ya shiga, numfashinsa gajere. A bango akwai hotonsa yana saurayi, a saman turke, da bel a ƙugu.

Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ajiye na'urar a gabansa.

"Baba, na duba. Ba komai a ciki. Na rubuta musu. Na zo in ba ka haƙuri."

"Tashi ki zauna a kujera, 'yata." Ya ja numfashi. "Nuna min hoton."

Ba ta zaci haka ba. Ta buɗe ta miƙa masa. Ya kawo wayar daf da tabarau, ya daɗe yana kallo, ya ce ta faɗa masa abin da ta gani, dalla-dalla. Ta faɗa: kwaɗo, layuka, sunan da ya fito sau biyu, da abin da mugu zai iya yi da irin wannan. Yana ji yana gyaɗa kai.

"Kin karanta daidai. Ni ban yi tunanin wannan ba. Wato na koya musu shiga duk ƙofar da suka gani a buɗe. Gobe wani ya yi irin nawa a tashar mota, su afka." Ya mayar mata da wayar. "A zamaninmu in muka samu wani ya ɗaura waya a layin da ba nasa ba, yankewa muke. Amma mukan ƙwanƙwasa ƙofa tukuna."

Ta sunkuyar da kai.

"Baba, ka dawo. Don Allah."

"A ɗakin gefe? Ni kaɗai da bango? Ba injin ke kai ni can ba, 'yata. Injin wahala ne. Mutanen ne."

Ɗan ya yi magana daga bakin ƙofa, murya ƙasa-ƙasa. "Baba, ni fa? Ni ba mutum ba ne?"

Dattijon ya dubi ɗansa, ya daɗe. Sannan ya ce a ɗauko masa hularsa.

A motar ɗan suka tafi, Injiniya a baya tana riƙe da jakar fata. Aka karɓe shi a ɗakin gaggawa, aka yi masa wanki a ranar. Washegari ta tsaya a ƙofar Darakta tun kafin ya iso, Metiron a gefenta, ba su tafi ba sai da ya yarda a mayar da Baba kujera tara. Ya kuma yarda zai hau ya yi magana a gaban mutane, amma ya ce sai ya dawo daga wani taro.

Baba bai koma kujerar ba. Daga ɗakin gaggawa aka wuce da shi ɗakin kwanciya, zuciyarsa ta ƙi daidaita. Likita ya ce dama zuciyar ta daɗe da rauni, kwanakin da ya tsallake sun ƙara mata, amma ba wanda zai iya cewa da bai tsallake ba da ya kai wata nawa. Injiniya ta yi wa likitan tambayar sau biyu ta hanyoyi daban-daban, amsar ɗaya ce. Kullum in ta tashi aiki takan hau ta zauna da Baba. Wani lokaci yana gane ta, ya ba ta labarin ranar da ƙudan zuma suka tare shi a saman turke, ya sauko da wando mai ƙafa ɗaya da rabi. Wani lokaci yakan ɗauka nas ce, ya ce ta rage masa fanka.

Ya rasu ranar Lahadi da rana, kwana goma bayan dawowarsa. Darakta ya hau ɗakin wankin ƙoda ranar Litinin, ya tsaya a tsakiya ya ce bincike ya nuna marigayin bai yi nufin cutar da kowa ba. Wani dattijo a kujera biyu ya ce wa nas ta duba masa injinsa, yana jin kamar yana ƙara.

Bayan mako biyu ɗan ya zo karɓar takardu. Ya biyo ta ofishin ƙarƙashin bene, ya tsaya a ƙofa don ba wurin zama. Ya ce bai zo da faɗa ba. Ya ce ranar farko ya so ya kai ƙara, amma Baba ya hana shi tun yana da baki. Sai ya ciro na'urar daga aljihu.

"Ni ban iya ta ba. Matata ta ce a ba yara su yi karatu da ita. Ki gyara min, ki sa mata kwaɗon nan."

Ta karɓa, ta kunna, ta shiga saiti. Ta zaɓi WPA2, ta sa shi ya rubuta kalmar sirri mai tsawo da hannunsa, ta canza ta shafin saitin ma. Sai ta kai akwatin suna, ta goge abin da ke ciki.

"Wane suna za a sa?"

Ya tsaya yana kallon akwatin. Ya juya ya fuskanci matakala, kafaɗunsa suna motsi, mutane na hawa suna sauka a saman kansu. Ta jira. Wayar tebur ta yi ƙara, ɗakin magani ne, ta bar ta har ta gaji.

"Sa ko me ne ne," in ji shi daga baya, bai juyo ba.

Ta rubuta Gida, ta nuna masa yadda yara za su shiga, ta raka shi har bakin get. Da ta dawo wayar ta sake ƙara, ta ɗauka ta ce tana zuwa.